Daga Bolt 12 Zuwa Bolt 5: Ƙaramin Zaɓin Da Ke Raba Batir Da Kaiwa Asuba

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin tsohuwar rediyo, ko risiba, ko sitabilaiza, ya san wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da kunnen ƙarfe mai huji, an rubuta 7805 a jikinsa. Regileta ce. Aikinta ta karɓi wuta mai ƙarfi ta fitar da bolt 5 cif, wato abin da yawancin ƙananan allunan na'ura ke buƙata. Kamfanin Fairchild na Amurka ne ya fito da danginta a farkon shekarun 1970, kuma har yau da wuya a shiga shagon kayan gyaran lantarki a Sabon Garin Kano ko Kaduna ko Maraɗi a rasa ta. Tana da araha, ba ta da wuyar haɗawa, ga ta da juriya. Don haka duk ɗalibin da ya zo haɗa aikinsa na kammala karatu, ko mai gyaran da aka ce ya ɗora wani allo a kan batirin sola, ita hannunsa ke fara kaiwa gare ta.

Sai dai sau da yawa labarin yakan ƙare iri ɗaya. A haɗa, komai ya tashi lafiya, a yi murna. Bayan 'yan mintuna allon ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. A kai yatsa kan regiletar a janye ba shiri. In kuma an yi dabarar sanyaya ta, sai a wayi gari a tarar batirin ya mutu tun cikin dare. Wasu su ɗora laifin a kan batir, wasu su ce regiletar ce jabu. A mafi yawan lokuta babu jabu a cikinsu. An dai sa ta aikin da ba nata ba ne.

A ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Mai shago yana son na'urar tsaro da za ta kwana tana gadi, ko akwai wutar gari ko babu. An haɗa masa allo mai ƙwaƙwalwar ESP32, wadda ke aika saƙo ta wayfay idan an taɓa ƙofa. Akwai ɗan gilashin da ke nuna rubutu, akwai rile guda biyu, sai na'urar jin motsi wadda cinta bai taka kara ya karya ba. ESP32 takan ja kusan miliamfiya 240 lokacin da take aika saƙo. Gilashin da fitilarsa su ci wajen 30. Kowane rile na bolt 5 yana cin kusan 70 muddin yana riƙe. In aka tara, an doshi miliamfiya 400, wato amfiya 0.4. Batirin kuwa irin ƙaramin nan ne na bolt 12 da ake sa wa yufiyes da fankar caji, mai ɗaukar amfiya-awa 7, ana cajinsa da ƙaramin farantin sola da rana.

Allon yana buƙatar bolt 5 da amfiya 0.4. Idan aka ninka su, wat 2 ke nan. Wannan shi ne aikin da ake son a yi. Tambayar ita ce nawa za a ciro daga batir kafin a samu wat 2 ɗin nan.

Inda wutar ke tafiya

Abin da ya kamata a fara sani shi ne batirin da ake kira na bolt 12 ba ya zama a kan 12. Batirin dalma da ya cika ya huta yakan nuna kusan 12.6. Idan rana ta take, kwantirola tana cajinsa, yakan hau har 14.4. Idan ya sauko 12 daidai, to ya riga ya ci rabinsa ko fiye. Saboda haka duk abin da za a haɗa a kansa, da 14.4 za a yi masa lissafin tsaro, ba da 12 ba.

Regileta irin 7805 tana da tiransista a ciki wadda ke tsaye tsakanin batir da allo tana matse hanya. Duk amfiyar da allon ya ja, ita ce ta ratsa ta daga batir, ba ragi. Bambancin bolt ɗin kuwa, wato abin da ya ragu tsakanin 12.6 da 5, babu inda za ta kai shi sai ta mayar da shi zafi a jikinta. Lissafin gajere ne:

```
(12.6 - 5) x 0.4 = 3.04
(14.4 - 5) x 0.4 = 3.76
```

Da dare tana ƙona wat 3, da rana kusan wat 4, duk don ta miƙa wa allon wat 2. A taƙaice, cikin kowace wutar da ta baro batir, kashi 40 cikin 100 ne kawai ke yin aiki, da rana ma ya sauka zuwa 35. Wannan ba lahani ba ne da wani kamfani zai gyara. Haka tsarin yake. Regileta mafi tsada a duniya, muddin irin wannan ce, haka za ta yi.

Wat 3 kamar ba komai ba ne ga wanda ya saba da dutsen guga mai wat 1,000. Amma a duba girman abin da zai ɗauki zafin. Takardun kamfanoni sun nuna cewa 7805 tsurarta, ba a ɗaura mata komai ba, zafin cikinta yakan ƙaru da digiri 50 zuwa 65 a kan kowane wat ɗaya. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, wat 3 zai so ya ƙara mata digiri 150 a kan zafin ɗaki. Ita kuwa an yi ta ne ta yi aiki har zuwa digiri 125, kuma tana da mai gadi a ciki da ke rage wuta ko ya katse ta idan zafi ya doshi 150. Shi ya sa allon ke ɗaukewa yana dawowa: ta yi zafi ta kashe kanta, ta ɗan huce ta tashi, ta sake zafi. Mai kallo daga waje sai ya zaci wata waya ce ta saki, ko kuma shirin da aka rubuta wa allon ne ke da matsala, ya kwana yana neman kuskure a inda babu shi.

A nan yanayin ƙasa yana shiga cikin lissafi. Yawancin misalan da ke cikin littattafan koyarwa da ɗaki mai digiri 25 suke yi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu, digiri 40 a inuwa ba labari ba ne. Shago mai rufin kwano, na'ura kuma a kulle cikin akwatin roba, sai a ce 45 a ciki, kuma ba a yi zuƙu ba. Abin da ya yi aiki lami lafiya a kan teburin gwaji da hunturu yana iya gazawa da bazara ba tare da an canja ko waya ɗaya ba.

Magani na farko da kowa ke kawowa shi ne farantin alminiyam mai haƙarƙari da ake ɗaura wa regileta don ya kwashe zafi. Yana aiki. Daga 45 zuwa 125 akwai tazarar digiri 80, idan aka raba ta da wat 3.76 sai a ga ana buƙatar tsarin da ba zai wuce digiri 21 a kan kowane wat ba. In aka cire abin da jikin regiletar da mahaɗarta ke ci, farantin kansa sai ya zama na wajen digiri 15 a kan wat, kuma ya samu iska. Ɗan guntun nan mai girman farce da ake sayarwa tare da ita ba zai wadatar ba. Wasu kuma sukan jera 7809 a gaban 7805, ko su sa babbar rizista a hanya. Duk waɗannan raba zafin suke yi tsakanin abu biyu. Ba su rage ko ɗigo daga abin da batir ke biya ba.

Ga abin da batir ke biya. Batirin dalma ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi, in ana son ya daɗe. Ke nan daga amfiya-awa 7, abin da za a iya ci kowane dare 3.5 ne. Idan ana jan amfiya 0.4, zai kai awa 8 da minti 45. In rana ta faɗi da ƙarfe 6:30 na yamma, da ƙarfe 3:15 na dare an cinye rabon. Daga nan ko dai kwantirola ta katse wuta shagon ya zauna ba mai gadi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, ko kuma a ci gaba da tatsar batirin kowane dare har ya lalace cikin 'yan watanni.

Yadda bok kwanbata ke yin nata

Ɗaya hanyar ita ce ɗan allon da ake kira bok kwanbata. Mai neman saye zai ga an rubuta `buck converter` ko `DC-DC step down` a jikin ledarsa. Mutane da yawa sun riga sun mallaki ɗaya ba su sani ba, domin cajar wayar da ake sokawa a ramin sigari na mota ita ce: tana karɓar bolt 12 zuwa 14 ta ba waya bolt 5, tana ba da amfiya ɗaya ko biyu, kuma ba ta wuce ɗumi a hannu ba.

Bambancin yana kama da na direbobi biyu da aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 40. Na farko ya danne totur har ƙasa, sannan ya riƙa taka birki don kada motar ta wuce 40. Zai riƙe gudun, amma mai zai ƙone, birki ya yi ja. Wannan ita ce 7805. Na biyu ya taɓa totur ya saki, ya taɓa ya saki, nauyin motar yana ci gaba da tura ta a tsakani, fasinja bai ma ji ana yi ba. Wannan ita ce kwanbata.

A cikinta akwai abubuwa huɗu masu muhimmanci. Akwai tiransista da ke aikin makunni, ko dai a kunne gaba ɗaya ko a kashe gaba ɗaya, ba ta tsayawa a tsakiya inda ake ƙona wuta. Akwai kwayil, wato wayar tagulla da aka naɗe, wanda ke tara ƙarfi a matsayin maganaɗisu lokacin da makunnin ke kunne, ya sake shi lokacin da aka kashe. Akwai dayod da ke ba wutar kwayil hanyar zagayawa idan makunni ya rufe. Sai kafasita a bakin fita da ke share ɗan tudu da kwarin da ya rage. Don a samu bolt 5 daga 12.6, makunnin yakan zauna a kunne kusan kashi 40 cikin 100 na lokaci. Ayisin da ke kula da shi yana duban bakin fita kullum: in batir ya hau 14.4 ya taƙaita lokacin kunnawa, in ya sauka ya tsawaita. Ayisin LM2596, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa, yana yin wannan kunna-kashe sau 150,000 a daƙiƙa guda. Kamfanin National Semiconductor ne ya ƙirƙiro shi, kafin Texas Instruments ya sayi kamfanin a 2011.

Sakamakon wannan dabara abin mamaki ne ga wanda ya fara gani a mita: amfiyar da ke shiga kwanbata ta fi wadda ke fita ƙanƙanta. A misalin shagon nan, LM2596 yakan isar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa. Don ya ba da wat 2, zai ɗauki wat 2.5 daga batir, wanda a bolt 12.6 bai wuce amfiya 0.2 ba. Zafin da zai zubar rabin wat ne, maimakon wat 3. Batirin da ya ƙare da ƙarfe 3:15 yanzu zai yi awa 17 da rabi, ya wuce asuba, ya wuce hantsi, rana ta riga ta karɓe shi tun da daɗewa. Farantin solar ma aikinsa ya ragu da rabi, domin abin da zai mayar kullum ya sauko daga amfiya-awa 9.6 zuwa 4.8. Gaskiya ne allon ba ya cin amfiya 0.4 kowace daƙiƙa, amma idan cinsa ya ragu, ɓangarorin biyu ne ke raguwa tare, tazarar tana nan kusan yadda take.

Sababbin ayisi sun fi haka. MP1584, wanda allonsa bai kai girman babban yatsa ba, yakan wuce kashi 85, wani lokaci ya taɓa 90. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da ƙafa uku daidai da na 7805, irin su TSR 1-2450 na kamfanin Traco, ta yadda za a zare tsohuwar regileta a dasa su a ramukanta ba tare da an taɓa sauran allon ba. Sun fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye su ba.

Haɗawa, da inda ake yin ɓarna

Kwanbata ba ta yafe ganganci kamar yadda 7805 ke yi. Mafi yawan allunan da ake ƙonawa da ita, a minti na farko ake ƙona su. Dalili kuwa shi ne shuɗin allon LM2596 da ya cika kasuwa yana da ɗan sukurun tagulla da ake murɗawa a saita bolt, kuma daga masana'anta yakan zo yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi. Wanda ya haɗa allonsa kafin ya saita, ya zuba wa ESP32 bolt 11 ko fiye ke nan.

Tsarin da ya dace shi ne a haɗa batir a `IN+` da `IN-` kawai, a ɗora mita a `OUT+` da `OUT-`, babu komai a bayanta. Sai a murɗa sukurun, galibi zuwa hagu. A nan mutane da yawa ke yanke ƙauna, domin ana iya yin zagaye goma ko fiye mita ba ta motsa ba, sai a ce allon ya mutu. Bai mutu ba, sukurun mai zagaye da yawa ne. A ci gaba har lambar ta fara sauka, a tsaya a 5.0 ko 5.1. Bayan nan a gwada ta da kaya na ƙarya: rizista mai om 10 da ke jure wat 5 za ta ja rabin amfiya, kusan abin da allon zai ja. A bar ta minti 15. Idan bolt ɗin ya tsaya, ayisin kuma ɗumi kawai ya yi, sai a ɗiga ɗan jan farce ko gam a kan sukurun don kada girgiza ta juya shi. Wanda ya san bolt 5 kaɗai yake so, gara ya nemi wadda aka saita tun daga masana'anta, ya huta da sukuru.

Gwajin nan yana da wani amfanin. Sanannen abu ne cewa da yawa daga allunan masu arha ayisinsu ba LM2596 na asali ba ne, ko da an rubuta hakan. Masu na'urar ganin siffar wuta sun sha auna su suka tarar suna bugawa wajen sau 50,000 a daƙiƙa maimakon 150,000. Irin waɗannan sukan yi aiki a ƙaramin kaya, amma wutarsu ba ta da santsi, kuma sukan yi zafi da wuri. Rubutun amfiya 3 da ke jikin talla ma a ɗauke shi da hattara. Ko na asali ne, a kan ɗan allon nan ba tare da farantin sanyaya ba, amfiya ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne abin da mai hankali zai ɗora masa na dogon lokaci. Ga allo mai cin 0.4 wannan ya isa har da rara.

Sai batun inda za a shigar da bolt 5 ɗin. A allon Arduino Uno ko Nano, ƙafar `VIN` tana bi ta cikin wata ƙaramar regileta da ke kan allon, wadda ke son bolt 7 zuwa sama. In aka ba ta 5, abin da zai isa ciki bai fi 4 ba, na'urar ta riƙa yin abin da ba a gane ba. Ƙafar `5V` ake ba, kuma a cire wannan waya duk lokacin da za a soka allon a kwamfuta. Ita wannan ƙaramar regileta ta kan allo irin 7805 ce a ɗabi'a, sai dai ta fi ta ƙanƙanta da saurin zafi. Shi ya sa soka batirin sola kai tsaye a Arduino sannan a rataya rile da gilashi a ƙafar `5V` yake ƙarewa da wari. A allunan ESP32 kuwa, AMS1117 da ke kansu iyakarta wajen bolt 15 ne, batirin da ke caji a 14.4 ya kusa taɓa ta, ga zafin da za ta zubar.

Abubuwa uku na tsaro ba a barinsu. Na farko fis, na amfiya 1 a wannan misali, kuma kusa da kan batir, domin ko ƙaramin batirin dalma yana iya mayar da siririyar waya garwashi idan ta haɗe. Na biyu dayod irin 1N5822 a kan wayar shiga, saboda yawancin allunan nan ba su da kariya idan an juya ja da baƙi, kuma juyi ɗaya ya isa ya fasa kafasita ya kashe ayisi. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Kwanbata ba ta san tausayin batir ba. Yayin da batir ke sauka, ƙara jan amfiya take yi don ta riƙe wat ɗinta, kuma LM2596 zai ci gaba da ba da bolt 5 har batirin ya faɗo wajen 7, alhali batirin dalma ya gama mutuwa tun a 10.5. Allon zai yi ta aiki kamar lafiya lau, batirin yana lalacewa a ɓoye. Maganin shi ne a ɗauki wutar daga bakin `LOAD` na kwantirolar sola, wanda ke katsewa da kansa idan batir ya yi ƙasa, ba daga kan batir kai tsaye ba.

In a mota ko babur mai ƙafa uku za a ɗora allon, akwai ƙarin hattara. Wutar mota tana da tsalle, musamman idan kan batir ya saki inji yana aiki, inda bolt ke iya haurawa ninki biyu ko fiye na ɗan lokaci. MP1584 iyakarsa bolt 28, LM2596 kuwa 40. A irin wannan wuri tsohon ya fi dacewa, tare da dayod mai shanye tsalle a bakin shiga. Wannan yana da muhimmanci domin idan makunnin cikin kwanbata ya ƙone, sau da yawa a haɗe yake mutuwa, duk wutar batir ta wuce kai tsaye zuwa allon.

Akwai alamar da ke yawan rikita masu haɗa ESP32. Allon ya riƙa sake tashi, idan aka duba a kwamfuta a ga wannan saƙo:

```
Brownout detector was triggered
```

Ma'anarsa wuta ta faɗi ƙasa na ɗan ƙiftawa, yawanci daidai lokacin da wayfay ya fara aiki. Mita ba za ta nuna ba, domin abin ya fi ta sauri. Kafin a zargi kwanbata, a duba wayoyi: dogaye ne, sirara ne, ko irin na gwaji masu sakewa? A gajarta su, a kama da dalma, a sa kafasita mai maikurofarad 470 dab da ƙafar allon. Galibi a nan matsalar ke ƙarewa.

Inda tsohuwar regileta ta fi

Duk da wannan, kuskure ne a ce 7805 da danginta sun gama yayi. Lissafin da ya kayar da ita a amfiya 0.4 shi ne ke tsayar da ita a ƙaramin kaya. Allon da ke cin miliamfiya 20 kacal, zafin da za ta zubar wat 0.15 ne, ko ɗumi ba za a ji ba, kuma batir mai amfiya-awa 7 zai yi kwanaki. Sa kwanbata a nan ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa.

A na'urorin da ke yin barci mafi yawan lokaci, su farka su auna wani abu su koma, abin dubawa shi ne abin da mai rage wutar ke ci don kansa. LM2596 yana cin kusan miliamfiya 5 ko babu kowa a bayansa, 7805 ma haka. In allon yana barci da ƙasa da miliamfiya ɗaya, to mai hidimar ya fi maigidan ci. A nan regileta irin LP2950, wadda cin kanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya ba kuma tana jure bolt 30, ta fi su duka biyun.

Sai tsabtar wuta. Kunna-kashen kwanbata yana barin ɗan kaɗawa a wutar da take fitarwa, yana kuma watsa hayaniya a iska. Allon lissafi bai damu ba. Amma amfilifaya ta makirufo za ta iya fitar da siririn fito a lasifika, rediyo mai gajeren zango ta cika da shuu, ma'aunin nauyi mai lamba ya riƙa rawa. Masu ƙera kaya sukan haɗa biyun: kwanbata ta yi babban aikin, ta sauko da 12.6 zuwa 7 ko 7.5, sannan 7805 ta ƙarasa zuwa 5 ta tace. Tana buƙatar ratar bolt 2 kawai, don haka a amfiya 0.4 zafinta wat ɗaya ne ko ƙasa. Allon ESP32 na misalin nan ma haka yake aiki ba tare da an lura ba, domin bolt 5 na kwanbata yana bi ta AMS1117 ya zama 3.3 kafin ya isa ƙwaƙwalwar.

Akwai kuma dabarar da ta fi kowace arha, wadda ya kamata a fara tunaninta tun kafin a je kasuwa: rage abin da ke rataye a kan bolt 5. Rile biyun nan suna da 'yan uwa na bolt 12 da za a iya ciyarwa kai tsaye daga batir, allon ya riƙa ba su umarni ta tiransista. Fitilar gilashi kuma ba dole ta kwana a kunne a shagon da babu kowa ba. Da waɗannan biyu kaɗai an sauke miliamfiya 170 daga cikin 400.

Mai shirin haɗa allo a kan batirin bolt 12 ya fara sa mita a layi ya auna abin da allon ke ja a lokacin da komai ke kunne. Ya cire 5 daga 14.4, ya ninka da wannan adadi. In amsar ba ta kai rabin wat ba, wato kaya na miliamfiya 50 zuwa ƙasa, regileta ta ishe shi. In ta wuce wat ɗaya, ko kuma batirin ne zai kwana yana ɗauke da na'urar, ya sayi kwanbata, ya saita ta da mita kafin ya haɗa komai, ya sa fis a kan batir, ya ɗauki wutarsa daga bakin `LOAD`.